Daga Dogon Kiriya Zuwa Yamai Kallon Ƙwallo: Yadda Ake Tsara Kwanakin da Ke Kewaye da Wasan

A Dogon Kiriya, kamar sauran garuruwan Arewa, mai son ƙwallo ya san filin wasa na Janar Seyni Kountché tun bai taɓa taka Yamai ba. Ya san shi ta rediyo da talabijin, ya kuma san shi ta bakin waɗanda suka shaida ranar 10 ga Oktoban 2010, lokacin da Moussa Maazou ya jefa ƙwallo a ragar Masar, Mena ta ci zakarun Afirka ɗaya da nema, nasarar da ta buɗe mata hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012. Saurayin da ya tara 'yan kuɗinsa, ko malamin makarantar da ya shiga dogon hutu, in ya yi niyyar zuwa ya ga babban wasa da idonsa, bai yi wani abin kunya ba. Inda ake samun matsala shi ne wajen tsara tafiyar. Yawancin mutane suna kafa ranar wasan a zuciya, su ɗaura komai a jikinta, su bar sauran kwanakin yadda ta yiwu. Ni kuwa ina ganin a juye ya kamata a yi lissafin. Ranar wasan ce ba ta hannun matafiyi, ita ce wasu ke iya ɗagawa ko su kai ta wani gari ba tare da sun shawarce shi ba. Saboda haka tafiyar da aka tsara da hankali ita ce wadda ko an fasa wasan, mai ita ba zai koma gida yana cizon yatsa ba.

Shekarun baya-bayan nan sun isa shaida. Mutum zai ɗauka cewa in an ce Mena za ta karɓi baƙi, to a Yamai ne. Amma da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ƙi amincewa da filin Seyni Kountché saboda sharuɗɗanta, wasannin gida na Nijar sun riƙa yawo a ƙasashen mutane. A watan Nuwamban 2023 a Marrakech ta ƙasar Maroko Mena ta karɓi Tanzaniya da Zambiya. A Satumban 2024 a garin Berkane ta karɓi Gana, sannan a Nuwamban shekarar a Lome ta lallasa Sudan da ci huɗu ba ko ɗaya. Duk wanda ya dubi jadawali kawai ya ga sunan Nijar a farko, ya hau mota zuwa Yamai, a gidan kallo zai ƙare, abin da zai iya yi a Dogon Dutsi. Ranaku ma haka suke motsi. An tsara gasar cin kofin Afirka ta Kodebuwa a watannin Yuni da Yulin 2023, aka mai da ita Janairu da Fabrairun 2024 saboda damina. Gasar 'yan wasan cikin gida ta CHAN, wadda Nijar ta samu gurbi a cikinta, saura 'yan makonni a fara ta a Fabrairun 2025 aka ɗage ta zuwa Agusta. Eritiriya, wadda ke rukuni ɗaya da Nijar a neman gurbin gasar duniya ta 2026, ta janye tun kafin a buga wasan farko, wasanninta duka suka bi ruwa. In manyan hukumomi masu kwangilar talabijin ta miliyoyi suna sauya rana haka, to babu dalilin da zai sa a ɗauki ranar wasan cikin gida kamar an sassaƙa ta a dutse.

Wasan da ya fi dacewa a yi misali da shi ga mutumin Arewa shi ne na ƙarshe na kofin ƙasa, wanda hukumar FENIFOOT ke shiryawa. Shekaru da dama an saba buga shi a Yamai ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, wadda kuma ake dashen itatuwa a cikinta. Ƙungiyoyi irin su Sahel, da Olympic, da AS FAN, da AS Douanes, da AS Police, da USGN duk sun taɓa ɗaga wannan kofi, kuma gasa ce da ƙungiyar jiha ke iya ba manyan Yamai mamaki a cikinta. Amma sabo ba alkawari ba ne: a 2020 annobar korona ta tsayar da kakar wasa gaba ɗaya, ba a kai ga wasan ƙarshe ba. Don haka matakin farko, kafin a sayar da akuya ko a ranci kuɗin mota, shi ne a ji sanarwar hukumar ta wannan shekarar, da rana da fili da lokaci, a kuma sake tabbatarwa ta wayar wani mazaunin Yamai kwana ɗaya kafin a tashi. Takardar talla da ke yawo a wayoyi ba sanarwa ba ce, domin sau da yawa takan ci gaba da yawo bayan an sauya abin da ke cikinta.

Farkon Agusta tsakiyar damina ne, kuma wannan ne ke yanke hukunci kan ranar tashi. Tafiyar kashi biyu ce da ba su yi kama da juna ba. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kimanin kilomita 275 ne a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, ta Kore Mairuwa da Doso da Birnin Gaure da Kure, kuma manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM da Al Izza da ke fitowa daga Maradi da Tawa da Ƙonni suna bi ta nan kullum. In hanya lafiya, awa huɗu zuwa biyar sun isa. Kashin farko kuwa, daga Dogon Kiriya a gangaro kudu zuwa Dutsi, ya fi gajarta amma ya fi rashin tabbas, domin motar ƙauye ba ta tashi sai ta cika, kuma ruwan dare ɗaya kan cika ƙorama ya tsayar da kowa har rana ta yi tsaka. Babbar hanyar ma ba ta tsira ba: a watan Agustan 2024 ruwa ya yanke ta a Sorey, dab da shiga Yamai, motoci suka yi cirko-cirko a gefe biyu. A ƙara da shingayen bincike, inda wanda bai riƙe katin shaidarsa na ɗan ƙasa ba zai ɓata wa kansa da sauran fasinjoji lokaci, a kuma ƙara da halin tsaro da ya sa tafiyar dare a yankin ta zama abin gudu. Wanda ya ce zai tashi da asubar ranar wasa ya isa kafin a hura usur ya jingina burinsa ga abubuwa huɗu ko biyar da ko ɗaya ba shi da iko da shi. Kwana biyu cur tsakanin isa da wasa shi ne mafi ƙarancin abin da zan ba da shawara a damina. Da rani kwana ɗaya na iya wadatarwa.

Waɗannan kwanaki na kariya su ne ake tambayar abin da za a yi da su, kuma a nan mutumin karkara ya fi ɗan yawon buɗe ido na ƙasashen waje sa'a, domin shi yana da buƙatu na gaske a babban birni. Akwai takardar da ta maƙale a wani ofishi. Akwai ido ko haƙori da aka daɗe ana cewa sai an je babbar likita. Akwai ƙane da ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni a ƙetaren kogi, wanda iyaye ke son a gano musu halin da yake ciki, akwai kuma kayan gyaran injin niƙa ko na babur da ba a samu a Dutsi ba. A ce wasan ya faɗo ranar Asabar. Matafiyi ya bar gida Laraba da sassafe, in Allah ya taimaka ya kwana Yamai, in ruwa ya tsare shi ya kwana Dutsi ya ƙarasa Alhamis da hantsi, kuma ko ta wace hanya bai rasa komai ba. Alhamis ta ofis ko likita ce, saboda ita ce cikakkiyar ranar aiki ta ƙarshe a makon; Juma'a rabin yini ake yi, kuma wanda aka ce masa ya dawo gobe ranar Alhamis yana da goben da zai dawo, wanda aka faɗa wa haka ranar Juma'a kuwa sai Litinin. Juma'a da safe a ƙarasa abin da ya rage, a yi salla, da la'asar a taka zuwa filin wasan. Wannan zuwan na jajibiri yana da amfani fiye da yadda ake zato. A nan ake sanin inda ake sayar da tikiti na gaskiya da farashin kowane ɓangare, a ga ƙofar da za a shiga da wadda za a fita, a lura da wurin da ke da rumfa da wanda ke fili, abin da ke da muhimmanci a watan da hadari ke iya haɗuwa cikin rabin sa'a, a kuma auna tazarar da ke tsakanin filin da masauki da ƙafa, domin bayan an tashi daga wasa tasi kan yi wuya.

Ranar wasan kanta a bar mata wasan kaɗai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cusa mata cefane da gaisuwar dangi da safe, a iso ƙofa a guje daidai lokacin da dubban mutane ke turereniya. Ranar 24 ga Janairun 2022, a ƙofar filin Olembe na Yawunde, mutum takwas suka rasu a turmutsitsin shiga kallon wasan Kamaru da Komoros, kuma a bakin ƙofa abin ya faru, wajen masu hanzarin shiga. Filin Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989, yana ɗaukar dubban mutane, kuma a ranar da aka sauƙaƙa kuɗin shiga ko shugabanni suka halarta, bincike a ƙofa kan yi tsawo. A ci abinci tun da wuri, a yi azahar, a shiga da sauran sa'a biyu, a zauna kusa da matakala amma ba a bakinta ba. Kuɗin da ke aljihu kada ya wuce na yinin, waya kuma a aljihun gaba. In tare aka zo, a sa wurin haɗuwa a wajen fili tun kafin a shiga, saboda layin waya kan cushe a cikin taro. Wasan kofi ba ya ƙarewa kunnen doki, ana iya kaiwa bugun fenareti, wato har bayan magariba, don haka sayen tikitin motar komawa na daren ranar ganganci ne. Da an tashi, a ba taron minti goma sha biyar ya rage kafin a nufi ƙofa.

Lahadi ita ce ranar hutu ta ainihi, kuma ba na son a raina ta. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yana tsakiyar gari, kuma yini guda ba ya isa a gama shi a tsanake: akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka haƙo a hamadar Agadas, akwai ragowar itaciyar Tenere da aka kawo bayan mota ta kaɓe ta a 1973, akwai tufafi da makamai da kayan kiɗa na ƙabilun ƙasar, ga gidan namun daji, ga maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo. Ba'are da ya tsaya gaban kayan sarauta da na kiɗan Hausa a can zai ga abin da ya saba gani a gida an ajiye shi a matsayin dukiyar ƙasa. A tambayi lokutan buɗewa tun ranar Juma'a, kada a je a tarar da ƙofa a rufe. Da yamma a gangara bakin Isa, a tsaya kan gadar Kennedy, wadda ta haɗa gaɓoɓin kogin tun 1970. Ga wanda ya tashi a ƙasar dutse da tudu, inda ruwa ke nufin rijiya mai zurfi da tabkin damina, ganin kogi yana tafiya jajir da ruwan Agusta abin zuwa ne shi kaɗai. Wasu za su so tsayawa Kure ganin raƙuman dawa tunda a kan hanya suke. Bayan harin 9 ga Agustan 2020, wanda aka kashe mutum takwas a wurin, ba a shiga dajin da ka. Sai an tambayi hukuma da masu jagora, in suka ce a'a a haƙura. Sayayya kuwa, a Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata, a bar ta sai Litinin, rana ta ƙarshe. Dalili biyu ne: kada a yi ta jan kaya a masaukin mutane, kuma sai a lokacin ne ake sanin abin da ya rage a aljihu. Litinin ɗin ce kuma ranar ajiya: in an ɗaga wasan da kwana ɗaya ko biyu, ita za ta shanye ɗagawar. Talata a kama hanyar gida da motar safe, domin a isa Dutsi da sauran rana.

Kuɗi ma da irin wannan tsari ake raba su, kuma alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, kowa ya sa farashin ranar da zai tashi. A ce mutum ya tara jika 70. Jika 20 na mota ne, zuwa da dawowa, har da guntun Dogon Kiriya zuwa Dutsi, kuma rabon dawowar a ware shi tun daga gida, ko a sayi tikitin komawa da an sauka. Jika 15 na abinci da tasi da faba-faba a cikin gari. Jika 10 na maimasauki. Jika 5 na tikitin wasa da ruwa da abin taɓawa a ranar. Jika 10 na tsaraba. Jika 10 da suka rage ba a taɓa su sai ta ɓaci, kuma ya fi kyau a bar su a hannun amintacce a gida, ya turo ta Nita ko Amana in an kira shi, domin kuɗin da ke aljihu a kasuwar Yamai ba ya daɗewa. Wanda ya dubi wannan rabo zai ga wasan da aka yi tafiyar dominsa bai ci ko kashi ɗaya cikin goma ba. Sauran duk na kwanakin da ke kewaye da shi ne, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ba su tunani fiye da yadda ake ba su.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ta farko tana da nauyi. Za su ce farkon Agusta manomin Arewa bai da mako guda na zubarwa: maimai bai ƙare ba a wasu gonakin, wake na son hannu, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro ya fara kwantar da yara. Gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da za ta share shi. Wanda gonarsa ke kansa shi kaɗai, ko gidansa ke auna tiya kullum, wannan tafiya ba tasa ba ce a wannan wata. Amma tsarin da na zana yana taimaka masa ya gane haka da wuri, domin yana tilasta masa ya lissafa kwana bakwai da jika 70 maimakon ya ruɗi kansa da yini ɗaya da kuɗin tikiti. Wanda ya gama maimai, ko yana da 'yan'uwan da za su riƙe masa, ko malami ne ko ɗalibi da ke hutu, zai iya. In mako ya yi yawa, a yanke Lahadi ko Litinin, a bar kwanakin kafin wasan yadda suke. Manomin da damina ta riƙe kuma yana da nasa lokacin bayan kaka: gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha da 'yan kokawa goma, ana kwashe kwana goma ana yi, a 'yan shekarun nan a ƙarshen Disamba. A 2024 a Doso aka yi ta, a filin kokawa na Salma Ɗan Rani, tafiyar 'yan sa'o'i daga Dutsi. Wannan taro ya fi ƙwallo sauƙin tsarawa, saboda wanda ya makara da kwana ɗaya bai rasa komai ba sai karon yini guda.

Ja na biyu daga wani ɓangare yake fitowa: in an cika tafiya da layin likita da ofis da saƙon mutane, ina hutun yake? Wannan haɗari ne na gaske, musamman a ƙauye, inda da an ji za ka Yamai kowa zai kawo saƙonsa. Maganinsa iyaka. Babbar buƙata ɗaya a yini, da safe, kuma duk kafin wasan. Saƙon da ba ya kan hanyar buƙatarka a ba mai shi haƙuri tun a gida. Daga la'asar ɗin Juma'a zuwa daren Lahadi na matafiyi ne. Tafiyar da babu aiki ko kaɗan a cikinta ma tana da nata lahani: saurayin da ya sauka Yamai da kwana uku a gabansa ba abin yi yakan ƙarar da kuɗin komawa tun kafin Asabar.

Maimasauki shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Arawa suna da dangi da yawa a unguwannin Yamai, kuma al'ada ta hana a tambayi baƙo ranar tafiyarsa. Amma ɗakin haya a birni ƙarami ne, ruwa da wuta da gawayi duk saye ake yi, kuma kwana shida na ƙarin baki biyu ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. A kira shi mako guda kafin zuwa, a faɗa masa ranar isowa da ranar komawa da adadin masu zuwa. A riƙo abin da ƙauye ke da shi, a kuma sa hannu a cefane ba sai an nema ba. In samari huɗu ko biyar ne suka haɗu, su rarrabu gida biyu ko su haɗa kuɗi su kama ɗaki.

Mai zuwa kallon mawaƙi a cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda ko a zauren Palais des Congrès zai bi wannan tsari da ƙarin taka-tsantsan biyu. Wasan kiɗa da dare ake yi, kuma ba safai ake farawa a lokacin da aka rubuta ba, don haka masaukin da ke kusa da wurin, da sanin wanda zai buɗe ƙofa a tsakar dare, sun fi muhimmanci a nan fiye da a ƙwallo. Sannan manyan wasanni da yawa a bukukuwan salla ake sa su, ranar ƙaramar salla kuwa sai an ga wata, kuma a daidai kwanakin ne motoci ke cika maƙil da masu barin Yamai zuwa garuruwansu, sannan su sake cika da masu komowa. Ɗan Dogon Kiriya da zai bi bayan salla zuwa birni yana cikin ayarin masu komowar ne, saboda haka ya kama wurin zamansa a tashar Dutsi tun kafin salla, ya kuma riƙe tikitin shiga wasan da kyau, domin in aka ɗaga ranar, da shi kaɗai zai nemi shiga a sabuwar rana ko a mayar masa da kuɗinsa.